Waya ko kyamara: abin da mai fara ɗaukar bidiyo zai duba kafin ya biya kuɗi

Yawancin masu fara ɗaukar bidiyo suna shiga kasuwa da tambaya ɗaya, wato wace na'ura ce ta fi fito da hoto tangaran, masu sayarwa kuma sukan amsa musu da yawan megafiksel. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce ko na'urar tana barin mai ita ya sarrafa hasken da ke shiga cikinta da hannunsa. Abubuwa uku ne ke yanke wannan: faɗin ƙofar lens, tsawon lokacin da shota ke barin haske ya shiga, da kuma ISO, wato ƙarfin da na'urar ke ƙara wa hasken da ta kama. A hoto na tsaye mutum yana da 'yancin juya duka ukun, amma a bidiyo ɗaya daga cikinsu a ɗaure yake, kuma duk shawarar saye daga wannan ɗaurin take tasowa.

Wanda yake a ɗaure shi ne shota. Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa a jere, kowanne ana ce masa firam, kuma ƙa'idar da masu ɗaukar fim suka daɗe a kanta ita ce shota ta buɗe na rabin lokacin kowane firam. Idan ana ɗaukar firam 25 a daƙiƙa, shota za ta tsaya a 1/50, idan kuma firam 50 ne, sai ta koma 1/100. Wannan yana barin ɗan dishi-dishi a jikin abin da ke motsi, irin wanda ido ya saba gani, don haka motsin hannun mai magana ko kaɗawar mayafi yake fitowa da laushi. Idan shota ta haura zuwa 1/2000, kowane firam zai fito a daskare, motsi kuma ya riƙa tsalle-tsalle kamar ana yanka shi. A ƙasashenmu akwai dalili na biyu. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru tana gudana a kan 50Hz, saboda haka fitilu da yawa, musamman dogayen ƙwayaye da fitilun LED masu araha, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Wayoyi da yawa suna zuwa a saite a kan firam 30, wanda ya dace da ƙasashe masu 60Hz kamar Amurka, kuma wanda ya ɗauka da shota 1/60 a ƙarƙashin fitilarmu zai iya ganin haske yana rawa ko baƙaƙen layuka suna gangarawa a hoton. Shota 1/50 ko 1/100 ce ke kawar da wannan, sai dai idan janareta ne ke ba da wuta kuma saurinsa yana hawa yana sauka.

Ƙofar lens ita ce lambar da ake rubutawa da harafin f, kuma tana rikita sabon shiga domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Jerin yana tafiya f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22, kuma kowane mataki yana rage haske da rabi. Buɗaɗɗiyar ƙofa tana shigar da haske da yawa, tana kuma dusashe abin da ke bayan mutum. ISO kuwa ba ya ƙara ko ɗigon haske, ƙara ƙarfin abin da sansa, wato farantin da ke karɓar haske a bayan lens, ta riga ta kama yake yi, don haka ninka shi daga 400 zuwa 800 yana haskaka hoto da mataki ɗaya amma yana fito da tsaki-tsaki kamar yashi, musamman a wurare masu duhu da kuma a fatar mutum.

A ɗauki aikin da mafari ya fi samu, wato biki: da rana a ɗauki ɗaurin aure a fili, da dare kuma a shiga zauren walima. A tsakar rana mai ƙarfi, lissafin da masu hoto suka sani shi ne ISO 100 da shota 1/100 suna buƙatar f/16. Tunda shotarmu 1/50 ce, haske ya ninka, dole ƙofa ta matse zuwa f/22. Ita waya ba ta da wannan hanya, domin kusan duk wayoyi ƙofar babbar kyamararsu a kafe take a wajen f/1.8. Samsung ta taɓa gwada mai sauyawa tsakanin f/1.5 da f/2.4 a Galaxy S9 a 2018, amma irin wannan bai yawaita ba. Ko da wayar ta sauka zuwa ISO 50, hasken ya zarce abin da ake so da mataki shida da ɗoriya, kuma abin da take yi da kanta shi ne ta harba shota zuwa wajen 1/4000. Wannan ne sanadin da ya sa bidiyon waya na rana yake da kaifi amma motsinsa babu daɗin kallo. Maganin shi ne filtar ND, baƙin gilashi da ake sakawa a gaban lens domin ya rage haske ba tare da ya sauya launi ba. ND8 tana rage mataki uku, ND64 tana rage shida, kuma ita ta biyun ce ke mayar da waya kusa da 1/50 a ranarmu.

Da wannan a zuciya za a iya auna zaɓin farko, wato ci gaba da amfani da waya. A ganina shi ya fi dacewa ga wanda yawancin aikinsa da rana ne ko a ɗaki ɗaya da zai iya haskawa, amma da sharaɗin wayar ta yarda a kulle shota da ISO. Manyan wayoyin Samsung suna da `Pro Video` a cikin manhajar kyamararsu. Manhajar iPhone ta asali ba ta ba da shota a hannu, amma Blackmagic Camera, wadda kyauta ce kuma ta fito wa iPhone a 2023 sannan wasu wayoyin Android a 2024, tana ba da duka biyun, kuma ana kunna firam 25 a saitin iPhone ta hanyar `Show PAL Formats`. Wayoyi masu matsakaicin farashi, ciki har da samfuran Tecno da Infinix da suka fi yawa a hannun jama'a, sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma wata tana da `Pro` na hoto kaɗai ba na bidiyo ba. Kada mai saye ya dogara da rubutun kwali. Ya karɓi wayar a shago, ya shiga ɓangaren bidiyo, ya sa shota a 1/50, ya juya ta daga ƙofar shago zuwa cikin duhu, ya ga ko lambar ta tsaya ko ta gudu.

Da dare ne waya ke nuna iyakarta, kuma dalilin girman sansa ne. Babbar sansar da ake kira APS-C da ke cikin kyamarori irin su Sony ZV-E10 ta 2021 da Canon EOS R50 ta 2023 ta ninka ta babbar waya kusan sau biyar a faɗin fili, ta ƙaramar waya kuma fiye da sau goma, don haka tana tara haske da yawa kafin tsaki-tsaki ya bayyana. Waya takan rufe nata da gogewar manhaja, sai fuska ta fito sumul kamar an shafe ta, adon lalle da zanen hula su narke. Amma a nan akwai tarkon da nake so mai saye ya lura da shi sosai, domin da yawa suna zuba duk kuɗinsu a jikin kyamara su tsaya da lens ɗin da ya zo a kwali. Na ZV-E10 yana farawa daga f/3.5 ya ƙare a f/5.6 idan an jawo hoto kusa, na R50 kuma daga f/4.5 zuwa f/6.3. A ce zauren walima yana buƙatar ISO 6400 a f/5.6 da shota 1/50. Lens mai f/2 zai sauke wannan da mataki uku zuwa ISO 800, mai f/1.4 irin Sigma 30mm zai kai shi ISO 400, kuma wannan bambanci ya fi duk abin da za a samu daga sayen jikin kyamara mafi tsada. Illarsa ita ce a f/1.4 zurfin abin da ke fitowa tangaran ƙanƙane ne, amarya za ta fito sarai, ƙawayenta da ke bayanta su dusashe, saboda haka a hoton jama'a da yawa dole a koma f/4 a ƙara fitila.

Kyamara ma ba ta tsira daga rana ba. Tana iya matsewa zuwa f/22, amma a can hoto yana rasa kaifinsa, kuma duk ƙurar da ta sauka a kan sansa, abin da ba ya wuya a lokacin hunturu idan ana sauya lens a waje, tana fitowa a matsayin baƙin ɗigo a sararin sama. Domin komawa f/4 ana buƙatar rage mataki biyar, wato ND32. Filta mai juyawa tana da sauƙin aiki domin guda ɗaya tana maye gurbin da yawa, sai dai masu araha suna jawo baƙin gicciye a tsakiyar hoto idan an murɗa su zuwa ƙarshe, wasu kuma suna karkatar da launi zuwa kore. A duba faɗin bakin lens kafin a saya: na kwalin ZV-E10 milimita 40.5 ne, na R50 kuma 49. Dabarar da ta fi adana kuɗi ita ce a sayi filta mai faɗi guda ɗaya tare da zoben da zai haɗa ta da ƙananan lens.

Tsakanin waya da kyamara mai sauya lens akwai Sony ZV-1 ta 2020, mai sansar inci ɗaya da lens kafaffe daga f/1.8 zuwa f/2.8 da filtar ND mai mataki uku a cikinta. Da rana tana iya riƙe 1/50 a wajen f/8 ba tare da an ƙara mata komai ba, wanda babban sauƙi ne ga mai aiki shi kaɗai, amma sansarta kashi ɗaya cikin uku ce ta APS-C kuma babu damar sauya lens nan gaba. Tsofaffin kyamarori na hannu irin Canon 700D suna da araha, suna kuma koyar da abubuwan nan uku sarai tunda kowanne yana da maɓallinsa a kusa, sai dai ba sa wuce 1080p, suna yanke ɗauka kafin minti 30, kuma bin fuska da kansu a bidiyo bai kai na sababbi ba.

Wanda bai riga ya fara karɓar aikin kuɗi ba, shawarata ita ce ya riƙe wayarsa idan ta ci gwajin shota, ya sayi ND64 mai maƙalewa da fitilar LED mai batir, domin fitila ɗaya da aka ajiye kusa da fuska tana sauke ISO fiye da yadda sabuwar waya za ta yi. Wanda kuwa zai riƙa shiga zauren biki da taron dare, ya sayi APS-C, ya raba kuɗinsa tun farko yadda lens mai f/1.8 ko f/1.4 zai shiga lissafi, ko da hakan na nufin sayen jiki na hannu. Idan na hannu ne, ya matse ƙofa zuwa f/22 ya ɗauki farin bango domin ya ga ƙura ko tabo a kan sansa, sannan ya duba saitin `NTSC/PAL`, domin kyamarar da aka shigo da ita daga Amurka takan zo a kan NTSC, kuma firam 25 ba zai bayyana a jerin ba sai an mayar da ita PAL.