Karin magana ko kirari a ƙasan hoton anko?

"Jama'a, na yi hoto da ankon kamun ƙawata, atamfa ce ruwan zuma. Me zan rubuta a ƙasa, karin magana ko ɗan kirari irin 'tauraruwar biki ta iso'? Ina son abu mai aji, amma ya sa a yi murmushi."

'Yar uwa, ki ɗauki karin magana. Bara da aka yi bikin 'yar ƙanwar mamata a Kano, farin leshi na sa ranar dina, na rubuta a ƙasan hoton: "Bikin farar kaza, balbela ba gayya." Kafin in isa gida gwaggon amarya ta kira ni tana dariya, ta ce lallai ta ga balbela. Har yau in mun haɗu da sunan take kirana, kuma ina jin daɗinsa. Abin da ya sa maganar ta zauna shi ne ta taɓa abu biyu lokaci guda, ga farin kayan, ga kuma cewa bikin namu ne na gida, ba sai an gayyace ni ba. Da baƙin leshi na sa, ko bikin wadda ban sani ba sosai ne, da ba ta shiga ba.

Don haka kada ki ari tawa, launinki daban ne. Wadda za ta dace da ke ita ce "Kwalliya ta biya kuɗin sabulu." Duk wadda ta cire kuɗin anko, ta biya tela, ta biya mai lalle da mai ɗaurin gwaggwaro za ta gane, ta yi murmushi. Sai ki bi ta da addu'a gajera: "Allah ya ba amaryarmu zaman lafiya." Addu'ar ce ke kawo ajin, don tana nuna kin san ranar wace ce. Layi biyu sun isa. In ya yi tsawo Instagram ma yanke shi yake yi.

Kirari kam yana tafiya in hoton sallah ne. A biki na taɓa sa shi sau ɗaya, wata ƙawar amarya ta ɗauka habaici nake mata, dole na goge. Ke da wasu ashirin kun sa atamfa iri ɗaya, tauraruwa kuma ranar amarya ce.

Sai abin da ba ki tambaya ba. In hoton ya yi kyau, masu sayar da kaya za su biyo ki su ce ki ambaci shagonsu. Wasu ko tambaya ba sa yi, ɗauka suke su ce kayansu ne, wata ta tura kuɗi a aiko mata da atamfar da ke zuba tun wankin farko. Kada ki ambaci kowa sai wanda da gaske a wurinsa aka sayi ankon, kuma ki bari sai kin wanke shi kin ga bai zuba ba.