Wata uku da Thunderbird: imel na shigowa amma ya ƙi fita

Wata uku kenan ina amfani da manhajar imel ta Thunderbird a kwamfutata, kuma gaskiya saura ƙiris in goge shi a satin farko saboda laifin da ba nashi ba. Saƙo na shigowa lafiya lau, amma da na danna Send sai ya yi ta juyi ya yi ta juyi kusan minti ɗaya, daga ƙarshe ya ce wai haɗin ya yi timed out. Na canza fasiwod har sau biyu a banza, wallahi haushi kamar in yi kuka.

Abin da ban gane ba da farko shi ne karɓa da turawa ba hanya ɗaya suke bi ba. Karɓa ta IMAP ce, ƙofa wato port mai lamba 993, turawa kuma ta SMTP ce da tata ƙofar daban, to don ɗaya na aiki ba shi ke nuna ɗayar lafiya take ba. Ni kuma da hannuna na kwafo tsohon setin mai ƙofa 25, ita ce kuwa masu bada intanet da yawa ke toshewa saboda masu watsa saƙonnin banza.

Yadda na kama ɓarawon: na cire kwamfutar daga waifai na jona ta da datar wayata, ban taɓa komai a setin ba, ina danna Send saƙon ya wuce fit. Na dawo waifai, ya sake maƙalewa. Don in tabbatar sai na buɗe PowerShell, wurin rubuta umarni a Windows, na rubuta wannan, da sunan sabar imel ɗina a wurin na misalin:

```
Test-NetConnection smtp.example.com -Port 25
Test-NetConnection smtp.example.com -Port 587
```

Na farko ya daɗe sannan ya ba ni `TcpTestSucceeded : False`, na biyu nan take `True`. Shikenan magana ta ƙare, ƙofa 25 a toshe take a waifai ɗin, 587 kuwa a buɗe.

Gyaran ko minti biyu bai kai ba. Account Settings, sai Outgoing Server (SMTP), sai Edit, na mayar da Port zuwa 587, Connection security na zaɓi STARTTLS. Idan sabarka 465 take so to SSL/TLS za ka zaɓa, kar ka haɗa 465 da STARTTLS, shi ma haka zai tsaya yana juyi ka ɗauka toshewa ce.

Kuma a lura da kalar kuskuren da ya fito. In ya yi maganar authentication ko ya sake tambayar fasiwod, to ka isa sabar, ita ce ta ƙi ka, netwok ba ruwansa. Toshewa galibi shiru take yi sai lokaci ya ƙare.

Manhajar dai na ba ta huɗu da rabi cikin biyar, setin turawa a fili yake ba sai ka yi ta lalube ba. In kuma 587 da 465 duk sun ba ka `False` a waifai ɗin, ba abin da za ka taɓa a manhaja ya yi, sai ka nemi mai kula da netwok ya buɗe, kafin nan ka riƙa turawa ta burauza.