Kantin Manhaja Ko Mai Sayarwa A WhatsApp?

Tun da na sauya waya, abokai a Samaru suka dame ni: a babbar manhaja irin Jumia za su saya, ko wurin masu talla a WhatsApp?

A manhaja farashi yakan ɗara, saboda ana cire wa ɗan kasuwa kamasho, ga kuɗin kawowa Zariya. Mai WhatsApp ba ya biyan kamasho, amma arharsa takan ɓoye wani abu. Ƙanena ya ga Redmi da rangwame mai tsoka, har ya fara murna, ashe mai 64GB ce, ta manhajar kuwa 128GB. Suna ɗaya, ciki daban. Wata kuma an gyara ta ne aka mayar kwali.

Wajen amana, manhaja tana nuna maki da ra'ayoyin masu saye. Fara karanta na masu ƙorafi. Mai WhatsApp kuwa hotunan shaidar biya ba hujja ba ne. Nemi ganin wayar a hannu, danna *#06#, ka gwada IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, da ta jikin kwali. In ya ce sai ka tura kuɗi tukuna, ja da baya.

Wanda bai san waya ba, manhaja ta fi masa kwanciyar hankali, don akwai damar mayarwa. Wanda ya iya dubawa, kuma shagon mai tallar yana nan PZ, zai iya cin arharsa.