Ranar rufe zango: hutun tsakiya yana cikin lissafi ko yana waje?

Tambaya: "An buɗe makarantar ɗana a Tawa ranar Litinin 6 ga Oktoba 2025. An ce zangon sati 11 ne, kuma akwai hutun sati guda a tsakiya. Ni na lissafa 19 ga Disamba, maƙwabcina ya ce 26. Wa ya yi daidai?"

Malam, bambancinku ya taso daga ma'anar da kowannenku ya ba wa sati 11 ɗin.

Idan hutun yana cikinsu, to lissafinka ne daidai. Sati 11 kwana 77 ke nan, amma wanda ya ɗora 77 a kan ranar buɗewa zai sauka a Litinin 22 ga Disamba, wadda ita ce farkon sati na 12, zango kuwa ya riga ya ƙare. Nan ne mutane da dama suke kuskure. Sai an cire kwana 3 a koma Juma'a, saura 74. A haɗa 74 da 6, an sami 80. A cire kwana 31 na Oktoba, saura 49. A cire 30 na Nuwamba, saura 19. Juma'a 19 ga Disamba ke nan, sai dai a wannan tsarin sati 10 kawai yara suka zauna a aji. Makarantar da take karatu har Asabar kwana 2 za ta cire.

Idan kuwa sati 11 na karatu zalla ake nufi, hutun ƙari ne a kansu, zango ya zama sati 12 a kalanda, ranar rufewa ta koma Juma'a 26 ga Disamba, kamar yadda maƙwabcinka ya faɗa.

Wurin da hutun ya faɗo ba ya sauya sakamako ko kaɗan, amma yana taimakawa wajen tantancewa. A ce an yi shi daga 10 zuwa 14 ga Nuwamba: an yi sati 5 kafinsa, sannan daga komawa ranar 17 ga Nuwamba, sati 5 ne zuwa 19 ga Disamba, sati 6 ne zuwa 26. Saboda haka idan tsarin darussan malamin ajin ya tanadi sati 6 bayan hutu, maƙwabcinka ne yake da gaskiya.

Hutun kwana ɗaya, kamar na 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, wanda ya faɗo Alhamis a shekarar 2025, ba ya tura ranar rufewa gaba, sai fa idan hukumar makaranta ta ce za a rama.

A ganina kada ka shirya wata tafiya da yaron kafin ka tambayi darakta abu ɗaya: satin 11 ɗin har da hutu ne, ko ban da shi?