Gboard ko SwiftKey: wanne ya fi rubuta Hausa?

"'Yan uwa, tsakanin Gboard da SwiftKey wanne zan saka? Ina son ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai, ya kuma riƙa kawo min kalmomin Hausa."

Malama, Gboard za ki saka. Da shi nake rubuta sanarwar Islamiyyar unguwarmu, kuma ranar da na fara turawa da haruffa masu ƙugiya, shugaban makarantar har kirana ya yi, ya ce yau ya karanta "ɗakin karatu" bai yi tuntuɓe ba. Wannan kiran ya yi min daɗi ƙwarai.

Ki shiga Settings na Gboard, ki taɓa Languages, sai Add keyboard, ki nemo Hausa. Daga nan in kin danne k kin ɗan riƙe, ƙ zai bayyana, haka d da b. Mu a Najeriya 'y muke rubutawa, kamar a 'ya'ya, mutanen Nijar kuma ƙugiya suke sa wa harafin, ƴ.

Wajen kawo kalmomi sai kin yi haƙuri da shi a makon farko. Yawancinmu ba ma sa ƙugiya, don haka za ki ga ya miƙo miki "kasa" alhali "ƙasa" kike nufi, ko "kafa" a madadin "ƙafa". Dukansu Hausa ne, ba zai san wacce ce a ranki ba. Abin da na yi shi ne na kashe Auto-correction a cikin Text correction, ya daina canza min magana da kansa. Sunaye irin su Ɗanladi da Ƙaraye kuma na zuba su a Personal dictionary. Kalmar da ya cika kawowa ba daidai ba, ki danne ta a layin sama ki ja ta zuwa kwandon shara.

SwiftKey shi ma yana da Hausa, yana kuma koyon salon mutum. Ba laifi, amma ban ga abin da zai sa in koma ba.

Sai ki kiyayi masu tura manhaja a kasuwar waya. Na taɓa biyan wani ya sa min wai "kibod ɗin Hausa na musamman". Talla ta cika min waya, harafin da yake bayarwa kuma ķ ne mai wutsiya a ƙasa, da đ mai gicciye, ba namu ba. Namu ƙugiyarsu a sama take. Abin da ya fi tayar min da hankali, kibod yana iya ganin duk abin da aka buga da shi, har lambar sirri. Gboard kyauta ne a Play Store, ki duba ki ga sunan Google LLC a ƙarƙashinsa kafin ki sauke.