Filtar ufa da na saya: bod mai kyau, kafasitocin banza

Na sayi wannan ƙaramin kit na filta ne a wani shago a cikin gari, irin wanda ake ba ka bod da kayansa a leda ka je ka yi soda da kanka. A jikin ledar an rubuta 100 Hz. Abin da nake nema ke nan, domin ina haya da kayan sauti a Tudun Wada, kuma ufata, wato lasifikar da ke fitar da bugu mai kauri, ba ta da abin da zai tare mata muryoyi. Na haɗa shi da daddare cikin gaggawa, ban gwada ba, washegari na kai shi walimar aure a Rigasa.

Wallahi na ji kunya. Malam na fara addu'a sai ga muryarsa tana fitowa ta ufa, ta yi kauri kamar mai magana a cikin randa. Uban ango ya matso ya ce, "Malam mai sauti, lafiya kuwa kayan nan naka?" Na ce lafiya lau Alhaji, na sunkuya na zare wayar ufar gaba ɗaya, aka ƙarasa taro babu ita.

Da na koma gida na haska fitila a kan bod ɗin. Tsarin Sallen-Key ne a kan IC ɗin TL072: rasista biyu a jere, kafasita ɗaya, C1, daga mahaɗarsu zuwa ƙafa ta 1 inda sauti ke fita, ɗaya kuma, C2, daga ƙafa ta 3 zuwa ƙasa. Rasistocin 10k ne duka. Kafasitocin kuwa, 103 aka rubuta a jikinsu, wato 10 nF, maimakon 104 mai 100 nF. Lamba ɗaya tak ta bambanta, amma ninki goma ne. Lissafin fc, wato inda filtar ke yanke sauti, kuwa ga shi:

```
fc = 1 / (2π × √(R1·R2·C1·C2))
```

Na zuba 10k da 10 nF, ya ba ni kusan 1,590 Hz. To yaya muryar mutum ba za ta wuce ba?

Sai na ce tunda zan canza, bari in zaɓa da kaina. Kullum kafasita nake fara zaɓa, saboda lambobinta kaɗan ne ake samu a kasuwa, rasista kuwa sai wadda ka ga dama. Ban sa 104 biyu ba. Idan rasistocin daidai suke, abin da ake kira Q, wato ma'aunin ƙarfin sauti a daidai wurin yankan, rabin √(C1/C2) ne, don haka kafasita iri ɗaya 0.5 za ta ba ka, sautin ya fara yin sanyi tun bai iso inda kake so a yanke ba. Ana son C1 ta ninka C2 sau biyu, a samu 0.707 na Butterworth. Da yake 200 nF wuyar samu gare ta, na sa 220 nF da 100 nF, Q ya zama 0.74, kunne ba zai raba su ba. Lissafi ya ce rasista ta zama wajen 10.7k in ana son 100 Hz cif. Na bar 10k ɗin da ke kai, na tsaya a 107 Hz.

A kula da wurin zama: babbar, mai 220 nF, ita ce ke komawa ƙafa ta 1. In ka juya su lambar 107 ba za ta motsa ba, amma Q zai faɗi zuwa 0.34, bugun ya zama lagwani.

Wannan karon na gwada. Na saki sauti mai tsayayyen mita daga waya, na auna shiga da fita. A 107 Hz kusan kashi uku cikin huɗu ya fito, a 214 Hz kashi ɗaya cikin huɗu, a 430 Hz da ƙyar ake ganinsa. Haka ya kamata filta mai hawa biyu ta yi. Kuma in faɗi gaskiya, bod ɗin kansa ya burge ni: na narka soda sau biyu a rami ɗaya, layin tagulla bai ɗago ba, babu gurnani a kan wuta +12 da -12. Har na fara tunanin in ƙara sayen biyu.

Amma da na koma shagon da kafasitocin a tafin hannuna, yaron ya kalle su ya ce, "Oga ai duk ɗaya ne, ka ga girmansu ɗaya." Nan raina ya sake ɓaci, na tuna fuskar uban ango. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma ga ledoji irin tawa sun fi goma rataye a bayansa, kowace da 100 Hz a jiki. Wanda zai saya ya buɗe ledar a gabansa ya karanta lambar kafasita kafin ya miƙa kuɗi. Ni dai kuɗin mota na biya na dawo, ban ƙara ko ɗaya ba.