Sabunta Fasfo daga Birtaniya: Rahoto zuwa ga Yaya a Zariya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a Tudun Wada, ga bayanin da ka nema game da sabunta fasfo a nan, tunda ɗanka zai zo karatu kuma wata rana aikin zai hau kansa.

A gida mutum yakan hau mota da safe daga Zariya zuwa ofishin fasfo na Kaduna, idan wata takarda ta yi gardama ya koma washegari ko ya nemi wanda ya sani. A nan ina zaune a Manchester, ofishin jakadancinmu kuma yana Landan, tafiyar fiye da awa biyu a jirgin ƙasa, kuma tikitin da aka saya a ƙurarren lokaci yana da tsada ƙwarai. Saboda haka dole mutum ya gama komai kafin ya bar gida. Ana cike fom a shafin hukumar shige da fice, passport.immigration.gov.ng, a biya kuɗi da kati, sannan a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Kuɗin mazauna waje dala 150 ne ga fasfo mai shafi 32 na shekara biyar, da dala 230 ga mai shafi 64 na shekara goma. Ni na ɗauki na shekara goma, domin ban ga hikimar maimaita wannan tafiya bayan shekara biyar ba.

Inda na yi tuntuɓe shi ne lambar NIN, kuma nan ne nake ganin Bahaushe ya fi kowa shiga matsala. Ba a sabunta fasfo sai bayanan da ke cikinsa sun dace da na NIN harafi da harafi. A tsohon fasfona an rubuta MOHAMMED, amma magatakardan da ya yi mini rajistar NIN shekarun baya ya rubuta MUHAMMAD, ni kuwa ban taɓa kulawa ba, tunda a bakinmu suna ɗaya ne. Na'ura ba ta san haka ba. Da na shigar da lambar, sunan da ya fito ya saɓa wa na fasfo, sai na dakata na nemi gyara a hukumar NIMC, na jira makonni kafin gyaran ya bayyana, sannan na koma kan fom. Haka abin yake ga wanda ya sa sunan gari a wata takarda ya sa na mahaifi a wata, ko wanda ranar haihuwarsa ta bambanta. Ina roƙonka ka ajiye fasfon yaron da takardar NIN ɗinsa gefe da gefe ka duba su tun yana gida, inda gyara ya fi sauƙi.

Ranar da aka ba ni na tafi da tsohon fasfo, da fom da rasit da takardar ranar zuwa waɗanda na buga, da takardar kuɗi ta gidan waya don kuɗin hidimar ofis, da kuma ambulan. Ambulan ɗin nan ne babban bambancinmu da gida, domin ba sai mutum ya koma karɓar fasfo da kansa ba. Ana sayen ambulan na Special Delivery a gidan waya, wanda an riga an biya kuɗin aikensa, mutum ya rubuta sunansa da adireshinsa a kai ya miƙa tare da takardunsa. Yana da lambar bibiya, wadda ya kamata a kwafe kafin a miƙa shi, domin da ita ake gane cewa fasfo ya fito yana hanya, kuma ba a ba da saƙon sai an sa hannu. Ɗalibin da zai sauya ɗaki a ƙarshen zango ya yi hattara, kada ya rubuta adireshin da zai bari kafin fasfon ya iso.

Tun 2025 akwai kuma hanyar sabuntawa ta manhajar NIS Mobile, inda baligi yake ɗaukar hotonsa da zanen yatsunsa da wayarsa ba tare da zuwa Landan ba, amma ta masu sabuntawa ce waɗanda ba su da gyaran bayanai. Wanda rasuwa ko rashin lafiya ta kira shi gida alhali fasfonsa ya ƙare, akwai takardar tafiyar gaggawa, sai dai ta zuwa Najeriya ce kawai, ba ta dawo da mutum.

Idan sabon fasfo ya iso, yaron ya shigar da lambarsa a asusunsa na UKVI, wato hukumar biza ta Birtaniya, kafin ya sayi tikitin zuwa hutu, domin izinin zama a nan yanzu a na'ura yake, haɗe da lambar fasfo. Ka gaishe da Inna da yara.